Taro Ɗaya, Zama Biyu: Yadda Ake Rubuta Bayanan Taron da Aka Ɗage

Taron da aka buɗe, aka fara tattaunawa, sannan aka ɗage shi zuwa wata rana, bai ƙare ba. Idan mahalarta suka sake haɗuwa a ranar da aka tsayar, ci gaba suke yi da taron farko, da ajandarsa, da sanarwar da aka kira shi da ita. Wannan ya bambanta da taron da aka sauya wa rana tun kafin a zauna, domin shi ba a buɗe shi ba balle a ce an ci gaba. Ya kuma bambanta da ɗan hutun da ake yi don sallar Azahar ko cin abinci, wanda layi ɗaya ya ishe shi a rubuce: an tashi ƙarfe kaza, an dawo ƙarfe kaza. Aikin da ke gaban sakatare a taron da aka ɗage shi ne ya rubuta bayanan ta yadda duk wanda ya karanta, ko da bayan shekara biyar ne, zai gane cewa zaman nan biyu taro ɗaya ne, kuma kowane zama yana da adadin mutanen da ya halatta masa yanke hukunci.

Dokar Kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta yi bayani a kan babban taron masu hannun jari, kuma ƙungiyoyi da yawa, irin na 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai, suna bin irin wannan tsari a kundin dokokinsu. A ƙarƙashinta shugaban taro zai iya ɗage zama da amincewar mahalarta, matuƙar adadinsu ya cika, kuma ba a yarda a gudanar da wani aiki a zama na biyu ba sai wanda aka bari ba a kammala ba a zama na farko. Idan ɗagewar ta kai kwana 30 ko fiye, sai an sake aika sanarwa kamar yadda aka yi tun farko. Idan ba ta kai ba, ba dole ne a sake ba. Ke nan a ɗagewar mako ɗaya ko biyu, hujjar da kawai ta rage cewa an faɗa wa mutane rana da wuri ita ce abin da sakatare ya rubuta a ƙarshen zama na farko.

A ɗauki misalin wani ƙaramin kamfanin sarrafa shinkafa mai masu hannun jari 45. Idan kundin kamfanin bai tanadi wani abu dabam ba, adadin da dokar ke buƙata kafin taro ya inganta, wanda ake kira kworam, shi ne kashi ɗaya cikin uku na mambobi ko mutum 25, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kuma ana ƙirga wanda ya zo da kansa da wanda ya aiko wakili da takarda. Ga wannan kamfani adadin 15 ne. A ce an kira babban taron shekara ranar Asabar 10 ga Mayu 2025, da batutuwa bakwai a ajanda. Mutum 22 suka zo da kansu, shida suka aiko wakilai, jimilla 28. An kammala batu na ɗaya zuwa na huɗu. A batu na biyar, wanda ya shafi sayar da wani tsohon sito, an gabatar da ƙuduri, an mara masa baya, sai wasu suka ce ba za su kaɗa ƙuri'a ba sai sun ga takardar wanda ya yi wa siton kuɗi. Takardar kuwa ba ta kusa, aka amince a ɗage.

A nan sakatarori da yawa kan rubuta "An ɗage taro" su ajiye biro. Wannan bai wadatar ba, domin bai bambanta taron da aka rufe da wanda za a dawo a ƙarasa ba. Rufewar da ta dace tana kama da haka: "Da ƙarfe 1:40 na rana, bisa amincewar mahalarta, shugaba ya ɗage taron zuwa Asabar 24 ga Mayu 2025, ƙarfe 10:00 na safe, a wannan ɗakin taro, domin a kawo takardar ƙiyasin kuɗin sito. An kammala batu na 1 zuwa na 4. Ƙudurin da ke ƙarƙashin batu na 5 yana gaban taro, ba a kaɗa ƙuri'a a kansa ba. Ba a taɓa batu na 6 da na 7 ba." Sai a kwafi lafazin ƙudurin kalma da kalma, da sunan wanda ya gabatar da wanda ya mara baya, da duk wani gyara da aka kawo ba a yanke hukunci a kansa ba. Mako biyu ya isa kowa ya tuna ƙudurin yadda ya fi masa daɗi: wani ya ce an ce a sayar, wani ya ce an ce a nemi mai saye tukuna. Abin da ke raba wannan gardama shi ne lafazin da ke rubuce.

Buɗewar zama na biyu dole ta amsa wannan rufewa, kamar yadda rasit ke amsa gindinsa da ya rage a littafi. Kan takardar zai ɗauki sunan taron nan na farko, a ƙara masa bayani: "Babban Taron Shekara na 2025, zama na biyu, ci gaba daga zaman 10 ga Mayu da aka ɗage." Ba a ba shi sabuwar lamba. Idan taron farko shi ne na tara a tarihin kamfanin, wannan ma na tara ne. Haka lambobin sakin layi: idan an tsaya a lamba 12, sai a ɗora daga 13, domin idan aka koma lamba ɗaya za a sami sakin layi biyu masu lamba iri ɗaya a taro guda, duk wanda ya zo kafa hujja da "sakin layi na huɗu" sai an tambaye shi na wace rana. Ko a haɗa zaman biyu a takarda ɗaya mai sassa biyu, ko a yi takardu biyu kowace tana ambaton 'yar'uwarta, duka sun inganta. Takarda ɗaya ta fi sauƙi idan tazarar gajera ce. Idan doguwa ce, gara a rubuta na farko tun maganganun ba su gushe daga zuciya ba. Haka kuma ba a saka "karanta bayanan taron da ya gabata" a matsayin sabon batu, tunda taron bai gabata ba. Shugaba dai zai tunatar da inda aka kwana, a rubuta cewa ya yi hakan.

Sai batun adadi, inda kuskure ya fi tsada. Mutum 28 da suka halarta ranar 10 ga Mayu ba su cika wa ranar 24 adadinta ba. Dokar tana neman adadin ya cika lokacin da aka shiga aiki, kuma ya ci gaba da cika har ƙarshen taro, saboda haka kowane zama yana buƙatar sabuwar takardar sa hannu da sabuwar ƙidaya. A misalin nan, a ce da ƙarfe goma mutum 12 kawai ke ɗakin. Ba a fara ba, ana jira. Da 10:35 sun kai 17. Sakatare zai rubuta: "Mahalarta da kansu 14, ta hanyar wakili 3, jimilla 17 cikin 45. Adadin da ake buƙata 15 ne. Shugaba ya tabbatar da cikar adadi, ya buɗe zaman da ƙarfe 10:35." A rubuta lambobin, kada a tsaya a "adadi ya cika", domin lambobi ana iya gwada su da takardar sa hannu. Mamban da bai zo zaman farko ba yana da cikakken haƙƙin zuwa na biyu, a ƙirga shi, ya kuma kaɗa ƙuri'a. Takardun wakilci su ma a sake duba su, a ga ko lafazinsu ya haɗa da zaman da aka ɗage, ko kuma mai takardar ya zo da kansa a wannan karon, don kada a ƙirga shi sau biyu.

Ƙidayar ba ta ƙarewa a bakin ƙofa. Idan mutum biyu suka nemi izini suka tafi da 12:10, sakatare ya rubuta lokacin, ya rubuta cewa saura 15, adadi yana nan daidai. Kafin a kaɗa ƙuri'a a kan siton, yana da kyau a sake ambaton yawan waɗanda ke zaune, yadda idan sakamako ya fito 11 sun amince, 3 sun ƙi, ɗaya ya ƙaurace, jimillar za ta dace da ƙidayar. Duk inda ƙuri'un ɗaga hannu suka haura yawan mahalarta da aka rubuta, alama ce ta cewa wani ya shigo ba a rubuta shi ba, ko an ɗauko jerin sunayen zaman farko an liƙa wa na biyu.

Akwai wata ɗagewar mai hukunci dabam, wadda ake yi saboda adadi bai cika ba tun farko. Idan sa'a ɗaya ta wuce daga lokacin da aka sa ba tare da adadi ya cika ba, taron da mambobi suka nemi a kira shi ya rushe ke nan. Sauran taruka kuwa suna komawa irin wannan rana a mako mai zuwa, a lokaci da wuri ɗaya, sai dai idan shugaba, ko daraktoci in ba ya nan, sun tsayar da wata rana. A wannan zaman, mambobi biyu ko fiye da suka halarta sun isa, kuma hukuncinsu ya hau kan kowa. Shi ya sa dalilin ɗagewa ya zama wajibi a bayanan: shi ne ke nuna ko zama na biyu yana buƙatar mutum 15 ko biyu. Shugaban da ya ɗage taro don a kawo takarda, sannan ya dawo ya yanke hukunci da mutum bakwai yana kafa hujja da wannan sassauci, ya ɗauko hukuncin wani hali ya ɗora wa wani, kuma duk mamban da bai ji daɗin sayar da siton ba ya sami ƙofar ƙalubalanta. Ƙungiyar da ba kamfani ba sai ta duba kundinta, domin abin da ya tanada shi ne ke aiki a kanta.

Abu na ƙarshe shi ne kwanan wata. Ƙudurin da aka zartar a zama na biyu yana ɗauke da ranar da aka zartar da shi a zahiri, watau 24 ga Mayu, ko da yake an gabatar da shi ranar 10. Na batu na ɗaya zuwa na huɗu kuwa suna nan da ranarsu ta 10 ga Mayu. Wannan yana da tasiri ga duk wa'adin da ake ƙirgawa daga ranar zartarwa, kamar na kai ƙuduri ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, da kuma kwafin da ake miƙa wa banki ko mai saye. Idan aka gama batu na bakwai, sai a rubuta "An rufe taron" da lokacinsa, kalmar da ba a yi amfani da ita ba a zama na farko. Idan mutane biyu ne suka shugabanci zaman biyu, a rubuta sunan kowa a sashensa. Bayanan da shugaban taron, ko shugaban taro na gaba, ya sa wa hannu su ne doka ke karɓa a matsayin shaidar abin da ya gudana, har sai an kawo hujjar da ta nuna akasin haka.