Me Ya Sa Layin Fom Ke Wargajewa Idan An Zo Cikawa?

Duk wanda aka taɓa turo wa fom na Microsoft Word ya san halinsa: da zarar ka fara rubuta sunanka a gaban "Suna", sai layin ya yi ta gudu dama, wutsiyarsa ta faɗo layin ƙasa, shafi ɗaya ya zama biyu. Laifin na ginin fom ɗin ne. Wanda ya tsara shi ya jera alamar _ ne sau arba'in ko hamsin, ita kuwa harafi ce mai cin wurinta kamar kowane harafi, don haka sabon rubutu ture ta yake yi, ba ya hawa kanta. Dabarar gadon tafireta ce, inda ake iya komawa baya a buga rubutu a kan layin. Goge alamomin gwargwadon abin da aka rubuta ma ba ya daidaita bakin layin, domin a Calibri ko Times New Roman faɗin "m" ya ninka na "i".

Gyara mafi sauri shi ne Tab. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne. Idan an bar 2.54 a kowane gefe, saura 15.92. Sai a shiga Paragraph, a danna Tabs, a rubuta 15.9 cm, a zaɓi Right, a ƙarƙashin Leader a ɗauki lamba 4, a danna Set, sannan OK. Bayan "Suna:" a danna Tab sau ɗaya tak, layi zai miƙe har bakin shafi, kuma yana raguwa da kansa yayin da ake rubutu. Sai dai rubutun ba ya samun layi a ƙarƙashinsa, kuma adireshi mai tsawo yakan tsallake iyakar ya ɓata tsarin. Shi ya sa, a ganina, tebur ya fi. A yi tebur mai ginshiƙi biyu, tambaya a hagu, gurbin amsa a dama, a cire duk layukansa da No Border, sannan a mayar da Bottom Border ga gurbin dama kaɗai. Layin ya zama gindin gurbin, rubutu ba shi da ikon ture shi. In amsa ta yi tsawo, gurbin ya ƙara zurfi, layin ya sauka tare da ita. Kar a manta da Fixed Column Width a cikin AutoFit, don kada faɗin ginshiƙan ya riƙa motsi.

Wani zai ce ai da biro za a cika, to wahalar me? In har a takarda kaɗai fom ɗin zai tsaya, yana da hujja, ko da yake sauya girman haruffa kawai ya isa ya karya masa layukan. Amma fom na neman aiki ko gurbin karatu yau ta imel da WhatsApp yake yawo, mai tsarawa bai san hannun da zai faɗa ba. Gane irin ginin kuma babu wuya: a danna Ctrl+Shift+8, Tab zai fito a matsayin ƙaramar kibiya, jerin alamomi kuwa ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya da maɓallin kibiya.