Alamomin Fensir a Kan Jimla ta Uku

Ina wata na biyu da fara aiki a wani gidan rediyo a Kano aka ba ni rubuta sanarwa kan gudawar yara, domin damina ta kama. Jimla ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, wadda za ta faɗi yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida idan babu na leda da ake samu a asibiti. Ma'aunin sananne ne: ruwa mai tsabta lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Na juya jimlar sau huɗu, na jera su a takarda, na ajiye wa Malam, shugaban sashenmu.

Ta farko: "Ana haɗa ruwan gishiri da sukari ne ta hanyar narkar da cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa."

Ta biyu: "Sukari shida, gishiri rabi, ruwa lita ɗaya."

Ta uku: "A auna ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, sannan a sa gishiri rabin cokalin shayi, rabi kawai."

Ta huɗu: "Uwa, ki zuba gishiri rabin cokalin shayi da sukari cokali shida a ruwa lita ɗaya, ki ba yaronki."

Ta biyu ce 'yar lelena. Gajera ce, tana da kari, kamar kirari. Washegari na tarar Malam ya yi tafiya Zariya, ya bar mini takardar. Ta uku ya zaɓa, wadda nake gani ta fi kowace jan ƙafa. Bai rubuta dalili ba. Abin da ya bari shi ne layi biyu a tsaye cikin jimlar, da da'ira a kan "rabi kawai", da alamar tambaya a kan "lita ɗaya".

Da farko na ce ko lokaci ya duba, tunda sanarwar rediyo da daƙiƙa ake auna ta. Wannan bai tsaya ba, domin ta biyu da ta huɗu duk sun fi ta gajarta. Na ce ko nahawu ne, amma ta farko ba ta da aibu ko ɗaya. Sai na koma kan layukan nan biyu, ɗaya bayan "lita ɗaya", ɗaya bayan "a shafe". Na karanta da ƙarfi, sai na ji a daidai nan nake shan numfashi. Na gwada ta farko, numfashi ya ƙare mini tun kafin in kai ga ruwa. Kuma ta farko labari take bayarwa, "ana haɗawa", ba ta sa kowa ya yi komai. A littafin ɗaliban kiwon lafiya za ta zauna daram, domin mai karatu yana iya komawa baya. Mai sauraron rediyo sau ɗaya yake ji, wataƙila ma yana hura wuta. Ta farko ta fita ke nan.

Ta biyu fa? Ita ai numfashi ɗaya ya ishe ta. Da yamma na biya gidan yayata, na karanta mata ita tana tsintar shinkafa. Ta ɗago ta ce, "Shida na me? Cokalin cin abinci ko ludayi?" Na yi shiru. Ni da na san ma'aunin, kaina ne yake cike gurbin da jimlar ta bari. Na yi mata bayani, muka shiga wata hira. Da zan tafi bayan magariba na ce, "Yaya, maimaita mini abin nan." Ta ce, "Gishiri shida, sukari rabi, ko?"

Gabana ya faɗi. Wannan gishiri ninki goma sha biyu ne na abin da ake so, kuma gishiri mai yawa ga yaron da ruwan jikinsa ya riga ya ragu yana iya zama ajali. Ba sakacin Yaya ba ne. A hanya na gano inda kuskuren ya fito. Sunan abin a bakin kowa "ruwan gishiri da sukari" ne, gishiri a gaba. Jimlata kuwa ta sa shida a gaba. Da ƙwaƙwalwa ta zo ɗauko su, sai ta haɗa na gaba da na gaba. Karin da nake alfahari da shi ne ya sauƙaƙa musayar, domin gaɓoɓin biyu tsawonsu ɗaya, siffarsu ɗaya, kowace tana shiga gurbin 'yar'uwarta ba tare da kunne ya ji wani abu ya goce ba.

Sai dai nan wata tambaya ta taso. In haka ne, ai ta huɗu ce ya kamata ta ci, tunda ta fara da gishiri kamar yadda baki ya saba. Na kwana da wannan. Abu na farko da na gani shi ne "uwa, ki". Wa ya ce uwa ce ke haɗawa? Sau da yawa kaka ce, ko abokiyar zama, ko uban da ya tashi tsakar dare. "A auna, a zuba, a sa" tana magana da duk wanda ke tsaye a gaban kwano. Na biyu, ta huɗu ta ce a zuba gishiri tun kafin ta ambaci ruwa, ta uku kuwa ta bi yadda hannu yake aiki: ruwa, sukari, gishiri.

Da'irar nan ce ta rage. Da na ɗauka Malam yana nufin in goge "rabi kawai" ne, saboda maimaici. Na karanta jimlar babu ita, sai na ji ta ƙare a kan "shayi", kalmar da ba ta da amfani ga kowa. Na mayar da ita. Gaɓoɓi masu tsawo suna tafiya, sai gajera ta tsaya cak, murya ta sauka a kanta. Abin da aka ji ƙarshe shi ke zama a kunne, kuma a cikin ma'aunin nan uku na gishiri ne kuskurensa ya fi haɗari. Ta huɗu ta binne "rabin" a tsakiya, ta ba "yaronki" wuri mafi tsada.

Ranar Litinin Malam ya dawo. Na zayyana masa duk abin da na gano, yana gyaɗa kai.

"Ta biyun taka ma kada ka yar," in ji shi. "A allon bangon asibiti, da hoton cokula shida a jere da rabin cokali a gefe, babu wadda ta kai ta. Hoto zai riƙe abin da kunne ya saki."

"To ranka ya daɗe, alamar tambayar fa? Ita ce ban warware ba."

"A gidanku da me ake auna lita?"

Na yi tunanin ɗakin girkin Yaya, babu komai a ciki mai rubutun lita. Ya miƙa hannu ya ɗauki ledar fiya wata a kan teburinsa, ya nuna mini ma'aunin da aka buga a jikinta, rabin lita ne. Ya karɓi fensir, bayan "lita ɗaya" ya ƙara "wato ledar fiya wata biyu", ya ja layin numfashi na uku, ya ce in shiga ɗakin ɗaukar murya kafin ƙarfe goma.