Man Hulba Don Fatar Kai

Man hulba na gashi ba komai ba ne face man kwakwa ko na zaitun da aka jiƙa 'ya'yan hulba a ciki. Ana ɗan daka cokali 2 na hulba, a haɗa da cokali 1 na busasshen ganyen rozmeri, a zuba a kwalba mai tsabta, sannan a tsiyaya kofi 1 na mai har ya rufe su. Bayan mako 2 zuwa 4 a inuwa sai a tace.

Sharaɗin da aka fi karyawa shi ne bushewa. Ɗanyen ganye ko jiƙaƙƙiyar kwalba na shigar da ruwa, ruwan kuma ya kawo fumfuna. Man da ya yi gurɓi ko ya canza wari ya lalace.

Aikinsa shi ne tausasa busasshiyar fata da rage karyewar gashi, amma ba ya warkar da amosani. Naman gwarin da ke haddasa amosani da maiƙo yake rayuwa, don haka labta mai kan ƙara ƙaiƙayi. Makero kuwa sai maganin asibiti. Mai borin jini da gyaɗa ya guji hulba, domin danginsu ɗaya.