Tsayayyiyar Taguwa: Yadda Ake Gano Muryoyin Tsirkiya da na Bututu

Idan aka ja tsirkiya aka saki, girgizar da aka haddasa ba ta zama wuri guda. Tana gudu har ƙarshen tsirkiyar, ta bugi inda aka ɗaure, ta juyo. Wadda ke tafiya da wadda ke dawowa sukan yi ta ratsa juna, kuma yawanci sukan kashe juna nan da nan. Sai dai akwai wasu da tsawonsu ya dace da na tsirkiyar, ta yadda mai tafiya da mai dawowa ke ƙarfafa juna a wurare ɗaya a kowane zagaye. A nan ido ba ya ganin wani abu yana tafiya gaba ko baya. Wasu wurare suna tsaye cik, wasu kuma suna kai da komowa da ƙarfi. Wannan ita ce tsayayyiyar taguwa. Bajamushe Franz Melde ya nuna ta a fili wajen shekarar 1860, inda ya ɗaura zare a jikin ƙarfe mai karkarwa, zaren ya rabu kashi-kashi a gaban masu kallo.

Wuraren da ba sa motsi su ne gaɓoɓi, tsakiyar kowane kashi kuma, inda motsi ya fi yawa, shi ne ciki, kamar dai karan dawa da gaɓoɓinsa. Tsawon taguwa ɗaya cikakkiya shi ne zango, wanda ake rubutawa da alamar λ. Daga gaɓa zuwa gaɓar da ke bi mata rabin zango ne, daga gaɓa zuwa cikin da ke kusa da ita kuwa rubu'in zango. Duk lissafin da zai biyo baya a kan waɗannan ma'aunai biyu ya tsaya, tare da dangantaka guda: v = fλ, wato gudun taguwa daidai yake da yawan kaɗawa a daƙiƙa sau tsawon zango. Yawan kaɗawa ana auna shi da Hz, kuma shi kunne ke ji a matsayin kauri ko sirantar murya.

Tsirkiyar molo ko garaya a ɗaure take a ƙarshenta biyu, don haka dole kowane ƙarshe ya zama gaɓa. Siffa mafi sauƙi da za ta cika wannan sharaɗi ita ce ciki ɗaya a tsakiya, wato rabin zango ya cika tsawon tsirkiyar gaba ɗaya. Idan tsawon L ne, zango ya zama 2L. Wannan ita ce muryar tushe, ko hamonik na 1. Siffa ta biyu tana da gaɓa a tsakiya da ciki biyu, ta uku ciki uku, haka har gaba. Saboda kowane ciki rabin zango ne, ƙa'idar ta zama f = nv/2L, inda n ke iya zama 1, 2, 3, 4 da duk lambar da ta biyo baya. Lambar hamonik a tsirkiya ita ce yawan cikin da ake gani.

Gudun taguwa a tsirkiya ba gudun sauti a iska ba ne, kuma ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe. Ya dogara ne da ƙarfin ɗaurin tsirkiyar, T, da nauyin kowace mita ɗaya tata, μ, bisa v = √(T/μ). Bafaranshe Marin Mersenne ya rubuta waɗannan dokoki tun 1636. A ɗauki tsirkiya mai tsawon mita 0.6, mai nauyin giram 1 a kowace mita, wato kilogiram 0.001, da aka ɗaure da ƙarfin niyuton 57.6. Idan aka raba 57.6 da 0.001 za a sami 57,600, tushensa kuwa 240, don haka gudun mita 240 ne a daƙiƙa. A raba 240 da ninkin tsawon, wato 1.2, muryar tushe ta fito 200 Hz. Sauran su ne 400, 600, 800 Hz da abin da ya yi sama. Mai son ninka muryar ta hanyar ƙara ɗauri sai ya ninka ɗaurin sau huɗu, abin da tsirkiya ba kasafai take jurewa ba. Shi ya sa mai goge ke canza murya da yatsa, yana rage tsawon sashen da ke kaɗawa.

Ana iya tabbatar da cewa waɗannan muryoyi suna cikin tsirkiya tare a lokaci guda. A kaɗa ta, sannan a taɓa tsakiyarta daidai da bakin yatsa a hankali, ba tare da dannewa ba. Duk siffar da ke da ciki a tsakiya, wato ta 1 da ta 3 da ta 5, za ta mutu. Waɗanda ke da gaɓa a wurin ba abin da zai same su, sai a ji siririyar murya ta 400 Hz ta rage.

A bututu kuwa iskar da ke ciki ce ke kaɗawa, tana kai da komowa ta tsawon bututun. Idan ƙarshe ɗaya a toshe yake, iskar da ke jikin murfin ba ta da inda za ta matsa, don haka wurin gaɓa ne. A buɗaɗɗen bakin iska tana da 'yancin motsi, wurin ciki ne. Ƙarshen biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan bambanci ya canza komai. Siffa mafi sauƙi yanzu ita ce daga gaɓa zuwa ciki, rubu'in zango kaɗai, don haka zango ya zama 4L. Bututun da aka toshe yana ba da murya mai kaurin da ya yi daidai da na buɗaɗɗen bututu mai ninkin tsawonsa.

Siffa ta gaba ita ce inda ake bukatar natsuwa. Dole a fara da gaɓa a ƙare da ciki. Idan aka ƙara rubu'i ɗaya a kan na farko, aka sami rubu'i biyu, za a ƙare da gaɓa a buɗaɗɗen baki, abin da ba zai yiwu ba. Sai an ƙara rubu'i biyu a lokaci guda. Saboda haka bututun yana ɗaukar rubu'i ɗaya, ko uku, ko biyar, ko bakwai, ba ya taɓa ɗaukar biyu ko huɗu. Ƙa'idarsa ita ce f = nv/4L, inda n ke zama 1, 3, 5, 7 kawai. Bututun roba na famfo mai tsawon santimita 85, idan aka toshe gindinsa da tafin hannu aka ɗauki gudun sauti a matsayin mita 340 a daƙiƙa, zai ba da 340 a raba da 3.4, wato 100 Hz. Na gaba 300 Hz ne, sannan 500 Hz. Babu 200, babu 400. A lura da lissafin sunaye: murya ta biyu da bututun ke bayarwa ita ce hamonik na 3, ta uku kuma hamonik na 5. Wanda ya sa n = 2 don ya ji an ce "ta biyu" ya samo muryar da bututun ba ya yi.

Tambayar da ta fi gwada fahimta ita ce wadda ake juya lissafin. A ce an matso da lasifika bakin wani bututu, ana ƙara yawan kaɗawa sannu a hankali, sai aka ji sautin ya yi ƙarfi a 425 Hz, bai sake yin haka ba sai a 595 Hz. Tazarar da ke tsakaninsu 170 ce. Da tsirkiya ce, ko bututu mai baki biyu a buɗe, wannan tazara ita ce muryar tushe, kuma kowace murya za ta rabu da ita ba saura. Amma 425 a raba da 170 ya ba da 2.5, kuma babu hamonik na biyu da rabi. Wannan ya nuna bututun a toshe yake, inda tazara ke zama ninkin muryar tushe. Muryar tushe ke nan 85 Hz. A raba 425 da 85 a sami 5, a raba 595 a sami 7: lambobi biyu marasa rabuwa biyu, masu bin juna, yadda ƙa'ida ta tanada. Tsawon bututun shi ne 340 a raba da huɗu sau 85, wato mita 1 cif.

A ɗakin gwaji na makarantar sakandare akan yi aikin da bututun gilashi mai ruwa a ciki, inda saman ruwan ke zama murfi. Ana riƙe ƙarfe mai karkarwa na 512 Hz a bakin bututun, ana rage ruwan har sautin ya yi ƙarfi. A bututu mai faɗin santimita 4, a ɗaki mai zafin digiri 28, hakan zai faru wajen santimita 15.8, sannan ya sake faruwa wajen 49.8. Wanda ya ninka 15.8 sau huɗu zai sami zango na santimita 63.2, gudun sauti kuma ya fito kusan mita 324 a daƙiƙa. Wannan ya gaza da kusan kashi 7 cikin ɗari, kuma ba laifin mai aunawa ba ne. Ainihin cikin taguwar yana ɗan waje da bakin bututun, da tazarar kusan 0.3 na faɗinsa, a nan santimita 1.2. Alamar matsalar ita ce tsawo na biyu ya wuce ninki uku na na farko, tunda 15.8 sau uku 47.4 ne kawai. Maganin mai sauƙi ne: a cire na farko daga na biyu, ƙarin ya ɓace da kansa. Bambancin santimita 34 rabin zango ne, zango ya zama 68, gudun kuma mita 348 a daƙiƙa. Adadin ya haura 340 ne saboda gudun sauti yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a daƙiƙa ga kowane digiri ɗaya na zafi, daga kusan 331 a digiri 0.

Ƙa'idar 4L tana aiki ne ga bututun da faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Algaita, duk da bakin mai busa ya rufe ƙarshenta ɗaya, cikinta yana buɗewa ne a hankali zuwa ƙasa, kuma irin wannan siffa tana ba da dukkan lambobi, har da 2 da 4. Kwalba ma ba ta bin ƙa'idar: idan aka busa bakinta, iskar wuyanta ce ke lilo a kan iskar cikinta, don haka girman cikin da na wuyan ne ke yanke murya, ba tsawon kwalbar kaɗai ba. Ramin kunnen mutum kuwa ya kusa cika sharaɗin. Tsawonsa kusan santimita 2.5 ne, fatar dodon kunne ta toshe ƙarshensa, lissafin ya ba da kusan 3,400 Hz, kuma a wannan yanki ne kunne ya fi jin ƙaramin sauti.