Abin da Ke Bayan Hannun da Ake So a Goge

Mako biyu bayan bikin ɗiyar yayata a Kaduna, mai hoto ya turo hotuna 420 domin a zaɓi 40 da za su shiga albam. Yaya ta zauna da amarya suka yi ta dubawa har dare, kuma duk hoton da suka so sai an sami abin da ya ɓata shi. Nan gorar ruwa a ƙasa, can wayar fanka ta ratsa bango, wani kuma hannun wata ƙawa ne riƙe da waya ya shigo gaban kyamara daidai lokacin da ake fesa wa amarya turare a wajen kamu. Sai Yaya ta aika masa saƙon murya cewa ya goge duka, ai abu ne na kwamfuta, minti nawa zai ɗauka?

Bai amsa da murya ba. Washegari sai ga wasiƙa mai shafi biyu. Na karanta ta sau uku, kuma ina ganin duk mai shirin biki ya kamata ya san abin da ke ciki, domin rigimar da ake yawan yi da masu hoto bayan biki daga wannan wurin take tasowa.

Bayan sallama da addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya, ga yadda ya fara: "Hajiya, ranki ya daɗe, kyamara ba ta ganin bayan abu. Duk abin da kika ce in cire, rami zai bari, kuma ni ne zan cike ramin da hannuna. Shi ya sa ba girman abu nake dubawa ba idan zan yanke kuɗi. Abin da ya tare nake dubawa."

A nan ne yawancinmu muke kuskure. Muna ɗauka hoto kamar tebur ne, ka ɗauke kofi ka ga katakon da ke ƙarƙashinsa. Alhali hoto ɗigo-ɗigo ne na launi a jere, kuma ɗigon da ya ɗauki gorar ruwa bai ɗauki tayil ɗin da ke bayanta ba. Mai gyara yakan ɗebo launi da zane daga wani gefen hoton ya liƙa a wurin. A manhajar Photoshop akwai kayan aiki mai suna Clone Stamp da ke yin haka, mutum na nuna masa inda zai ɗebo da inda zai zuba. Tun 2010 aka ƙara wani mai suna Content-Aware Fill, wanda ke duba kewayen ramin ya cike shi da kansa. Dukansu aron abin da ke cikin hoton suke yi. Idan bango fari ne ko labule mai launi ɗaya, abin aro ya wadata. Idan kuwa leshi ne mai duwatsu, kowane taƙi da nasa zanen, ba a samun inda za a ara.

Saboda haka ya ce gorar ruwa, ledar fiya wata, wayar fanka, soket a bango, ƙurjin da ya fito wa ango a goshi ranar ɗaurin aure, duk zai cire su kyauta a cikin hotuna 40 na albam, domin kowanne bai wuce minti biyu ko uku ba. Amma ya ja hankalinta cewa kyautar ta tsaya a kan 40 ɗin. Minti uku sau 420 ya haura awa 20, kuma kuɗin da aka yi ciniki tun farko na ɗauka ne da daidaita haske da launi, bai haɗa da wannan ba.

Sai waɗanda ya sa wa naira 2,000 kowane hoto: baƙon da ya gifta can baya, kujerun roba da aka tara a gefe, mota a bayan ango da abokansa a ƙofar masallaci. Dalilinsa a nan ya burge ni, domin ban taɓa tunaninsa ba. Mutum ba shi kaɗai yake tsayawa a hoto ba, yana tare da inuwarsa. Idan zauren taron yana da tayil mai sheƙi, siffarsa tana ƙasa. Idan akwai madubi ko gilashin taga, tana can ma. Ka cire mutum ka bar inuwarsa, duk wanda ya kalli hoton zai ji wani abu bai zauna daidai ba ko da bai iya faɗin mene ne ba. Ke nan cire mutum ɗaya aiki uku ne, ga kuma layukan tayil da dole su haɗu daidai bayan an gama.

A wannan sahun ya sa kuɗin liƙi. Ya ce iyalai da yawa yanzu suna neman a share takardun kuɗi daga hotunan dina kafin su ɗora a intanet, tunda sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta liƙi da tattaka naira, kuma an ga ana hukunta mutane a kai. Takardun da suka zube a kan kafet mai launi ɗaya suna ciruwa. Waɗanda ke shawagi a gaban fuskoki kuwa, shawararsa a zaɓi wani hoton kawai.

Mafi tsawon wasiƙar a kan hoto ɗaya ne, na kamu, wanda Yaya take so a yi masa babban firam na falo. Amarya na zaune, an lulluɓe ta da mayafi, tana murmushi ƙasa-ƙasa, kuma gaskiya babu hoton da ya kai shi kyau. Sai dai hannun ƙawar nan da wayarta sun rufe hannun amarya na hagu, tun daga wuyan hannu har yatsu uku, wato daidai inda lalle da zobe da awarwaro suke.

Ya bayyana cewa manhaja ba ta san zanen da mai lalle ta yi ba. Idan ya bar ta ta cike wurin, za ta kwaso mayafi da fata ta cakuɗa, yatsu su fito kamar sun narke. Idan ya zana da kansa, zai zama lallen da amarya ba ta taɓa sawa ba, kuma ita za ta fara ganewa. Mafita ɗaya ce. A irin wannan lokacin yakan danna kyamara ta ɗauki hotuna da yawa a jere cikin daƙiƙa kaɗan, don haka ya koma ya duba, ya tarar a na huɗu hannun ƙawar ya janye, amma amarya ta rufe ido. Abin da zai yi shi ne ya yanko hannun amarya daga hoto na huɗu ya ɗora a kan na farko. Zai juya shi kaɗan domin ta ɗan motsa, ya daidaita haskensa da na fuskarta, ya bi bakin mayafi zare-zare har wurin haɗin ya ɓace, sannan ya mayar da inuwar da hannun ya kamata ya yi a kan cinyarta. Ya ƙiyasta awa biyu, a kan naira 5,000 kowace awa, jimla 10,000, kuma ya ce ba zai fara ba sai ta amince da adadin.

Ya kuma ba ta hanya mai sauƙi wadda ba ta biyan ko kwabo: a yanke hoton daga ƙirji zuwa sama, hannun ya fita gaba ɗaya. Amma ya faɗa mata farashin da ke ɓoye a ciki. Kyamararsa tana ɗaukar ɗigo 6,000 a tsawo, 4,000 a faɗi. Wurin wanki yana son ɗigo 300 a kowane inci idan ana son hoto ya fito tas, don haka cikakken hoton yana kai inci 20 ba tare da matsala ba. Idan aka yanke rabin tsawo da rabin faɗi, inci 10 ya rage. Ya isa shafin albam, amma idan aka ja shi ya cika babban firam, fuska za ta yi laushi, duwatsun leshi su zama dishi-dishi. Wannan lissafin ne ya sa Yaya ta yarda ta biya.

Akwai abin da ya ce ko nawa za a ba shi ba zai yiwu ba. Hoton ɗaurin aure da rana tsaka, inda hasken rana ya faɗa kan farar shaddar ango har aikin wuyan babbar rigar ya ɓace, ya zama fari fat. Ya ce idan haske ya cika ma'aunin kyamara, babu bayanin da ya rage a wurin, ko a ainihin fayil ɗin RAW. Haka fuskar kakar amarya da kan wani yaro ya rufe rabinta, kuma hoto ɗaya tak aka ɗauka. Haka hotunan da dangi suka ɗauka da waya suka turo ta WhatsApp, domin manhajar tana matse hoto ta rage masa ɗigo, sai dai in an turo shi a matsayin Document.

Wani sashe kuma ba na fasaha ba ne, kuma nan na ga dattakon yaron. A jerin Yaya akwai wata baiwar Allah da ke tsaye a hoton dangi, wadda aka sami saɓani da ita bayan biki. Ya rubuta: "Hajiya, zan iya cire ta, tana gefe, kafaɗarta kaɗai ta taɓa ta kusa da ita. Amma ina roƙon alfarma ki bar ni in ajiye na asali, kuma in ji daga bakin amarya kafin in taɓa, tunda hoton nata ne." Game da hasken fata kuma ya ce zai gyara inda fitilar zauren ta sa fuska ta yi ja ko kore, amma idan aka ɗaga hasken fuska fiye da yadda Allah ya yi ta, wuya da hannu za su tona asiri, kuma baƙin lalle zai koma toka-toka.

A ƙarshe ya koya mata yadda za ta duba aikinsa kafin a kai wanki. Ta buɗe hoton a babban allo, ba a waya ba, ta zuƙo wurin da aka gyara. Ta duba ko wani fure na atamfa ya maimaita kansa sau biyu kusa da juna, ko layin tayil ya karye, ko wani wuri ya yi sumul kamar an shafa mai alhali kewayensa yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa, sannan ta ƙirga yatsu. Gyara sau ɗaya bayan ta duba kyauta ne. Da zarar ta ce a buga, duk canjin da ya biyo baya kuɗin sabon shafi ne, domin takarda da tawada sun riga sun tafi.

Yaya ta biya na hoton kamu da wasu guda shida na naira 2,000, jimla 22,000. Amarya ta ce a bar matar nan a hoton dangi. Na ango da farar shadda kuwa aka sauya shi da wanda aka ɗauka a inuwar rumfa, inda aikin wuyan rigar ya fito sarai.