Share Fagen Jijjigar Masu Ciki: Yadda Ake Gane Mai Tsanani

Jijjigar da ke kama mace mai ciki sau da yawa takan aiko da alamu kafin ta iso. Bayan ciki ya wuce mako 20, idan awon jini ya kai 140/90 har sau biyu, da tazarar sa'a 4, kuma aka sami furotin a fitsari, to cutar da ke share fagen jijjiga ta samu. Asalinta daga mabiyiya ne, saboda haka ba ta warkewa sai an haihu.

Likitoci sun kasa ta gida biyu. A ɗauki misalin mace mai cikin mako 34 wadda awonta ya nuna 145/95, da furotin a fitsari, amma ba ta jin ciwon komai. Wannan ita ce mai sauƙi. Za a riƙa auna ta a kai a kai, a yi ƙoƙarin kai cikin mako 37 kafin a sa ta haihu.

To, a ce bayan kwana uku ta komo da 150/100, tana kukan ciwon kai mai naci, da ganin dishi-dishi, da zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Cutarta ta zama mai tsanani ke nan, ko da yake awon bai kai 160/110 ba, wanda shi kaɗai ma ya isa shaida. Ciwon kan da dishi-dishin suna nuna cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa, zafin kuwa daga hanta yake. Kumburin ƙafa ba ma'auni ba ne, domin masu lafiya ma sukan yi shi.

A nan ne ake ba da maganiziyam salfet. Binciken Magpie na 2002, a kan mata wajen 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Sai dai ba maganin hawan jini ba ne. Wannan aikin su haidiralazin ne da labetalol.

Bisa tsarin Pritchard, akan fara da giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu, sa'an nan giram 5 duk bayan sa'a 4, har a cika sa'a 24 bayan haihuwa ko jijjigar ƙarshe.

Ƙoda ce ke fitar da maganin, don haka idan fitsari ya ragu yakan taru a jini ya danne numfashi. Kafin kowace allura ungozoma takan ƙwanƙwasa gwiwa ta ga ƙafa ta zabura, ta ƙirga numfashi, ta kuma tabbatar fitsari ya kai mililita 100 cikin sa'a 4. Zaburar gwiwa ce ke fara ɓacewa, kuma da an rasa ta sai a dakatar da allurar. Idan numfashi ya raunana, makarinsa giram 1 na kalsiyam gulukonet ne ta jijiya.