Takardar Ajiye Aiki: Idan Nas Za Ta Koma Karatu

Takardar ajiye aiki sanarwa ce a rubuce da ma'aikaci ke ba wurin aikinsa cewa zai tafi, da ranar da zai tafi. A yau ma'aikatan jinya da dama ta imel suke aika ta, musamman a asibitoci masu zaman kansu. Saƙon bai cika wuce layi goma ba, amma yana shiga fayil ɗin nas ya zauna, kuma shi ake buɗewa ranar da wata makaranta ko wani asibiti ya nemi shaida a kanta.

Kafin a rubuta komai, akwai tambayar da ke gaba: ajiye aikin za a yi, ko hutun ƙaro ilimi za a nema? A asibitocin gwamnati a Najeriya akwai hutun karatu mai albashi da marar albashi. Wadda ta samu mai albashi takan sa hannu a kan yarjejeniyar cewa za ta dawo ta yi wa asibitin aiki na wasu shekaru. Ajiye aiki kuwa yanke igiya ne gaba ɗaya: gurbin ya tafi, lissafin shekarun aiki ya tsaya. Wadda ke da ragowar irin wannan yarjejeniya daga wani karatu na baya, imel ba ya wanke ta. Ko ta cika shekarun, ko ta mayar da kuɗin da aka kashe mata.

Abu mafi nauyi a cikin saƙon shi ne kwanan wata. Takardar ɗaukar aiki ce ke faɗin tsawon notis, kuma galibi wata guda ne, ko a biya albashin wata guda a madadinsa. A ɗauki misalin nas da ke aiki a ɗakin yara, wadda ta sami gurbin digirin jinya a Jami'ar Bayero da ke Kano, ana jiran ta ranar 6 ga Oktoba. Idan ta aika imel ranar 1 ga Satumba, ta ce ranar aikinta ta ƙarshe ita ce 30 ga Satumba, lissafi ya fita. Idan ta yi jinkiri har 20 ga Satumba, to ko dai ta rasa makonni biyun farko na karatu, ko ta biya. Kalmomi irin su "nan ba da daɗewa ba" ko "ƙarshen wata" ba su da amfani a nan, domin ofishin albashi da lamba yake aiki.

Notis ɗin yana da dalili na zahiri. Jadawalin aikin safe da yamma da dare wata-wata ake tsara shi a yawancin asibitoci. Nas ɗaya ta ɓace a tsakiyar wata, kwanan darenta a kan wata zai faɗa, kuma abokan aiki ba sa manta irin wannan.

Ana rubuta saƙon ne zuwa ga shugaban asibiti, ta hannun shugabar sashen jinya, a sa ofishin kula da ma'aikata a kwafi. Ladabi ne a fara gaya wa shugabar baki da baki. Ba ta jin daɗin ta tsinci labarin a waya. Jimlar farko ta faɗi cikakken suna, da lambar ma'aikaci, da cewa ana ajiye aiki, da ranar ƙarshe. Dalili jimla ɗaya ya ishe shi: an sami gurbin ƙaro karatu. Sai godiya a taƙaice, sai alkawarin miƙa abin da ke hannu, kamar makullin kabad ɗin magunguna masu tsauri da littafin ƙidayarsu, da katin shaida, da gidan ma'aikata idan tana ciki. Ƙorafi a kan albashi ko a kan wata shugaba ba wurinsa ba ne, ko da gaskiya ne. Fayil ba ya huce fushi.

Daga ƙarshe sai neman amsa a rubuce. Wannan ne mutane suka fi mantawa. Imel ɗin da ba a amsa ba ana iya cewa bai iso ba, daga nan a rubuta nas a matsayin wadda ta gudu daga aiki, abin da kan kai ga kora. Shi ya sa masu hankali ke buga kwafi a takarda, su kai rajista a buga masa hatimi da kwanan wata, su riƙe ɗaya. Idan albashi ya ci gaba da shigowa bayan ranar ƙarshe, alama ce ta cewa takardar ba ta kai ofishin kuɗi ba, kuma kuɗin bashi ne da za a nema.

Kuɗin fansho ba ya ɓata. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, asusun ajiyar ritaya na ma'aikaci ne, yana bin sa duk inda ya koma aiki. Lasisin jinya kuwa na Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ne, ba na asibiti ba, kuma sabunta shi yana wuyan nas ko tana aji.